Tambaya ta Tara: Gyara Amsa a Fom ɗin Inshora Kafin Kamfani Ya Gano

Da yawa daga cikin 'yan kasuwar Sakkwato da ke da takardar inshorar gobara ba su ne suka tashi suka nema ba. Banki ne ya ce ba zai saki rance ba sai an yi wa kayan da ke sito inshora. Sai a turo wani yaro da fom, ya zauna a bakin shago yana tambaya yana rubutawa, mai shago na amsa shi da rabin hankali domin ga masu ciniki a tsaye. A ƙarshe a nuna masa inda zai sa hannu. Cikin minti goma an gama, kuma a cikin waɗannan mintunan ne ake shuka rigimar da za ta tsiro ranar da wuta ta tashi.

Zan bi labarin mutum ɗaya. Zan kira shi Alhaji kawai, alƙaluman kuɗin da zan kawo kuma na misali ne, don lissafi ya fito fili. Dillalin atamfa da shadda ne, yana da sito a wajen Tsohuwar Kasuwa. A watan Maris na 2024 aka cika masa fom na inshorar gobara a kan kaya na naira miliyan 40. Kamfani ya yanka masa kobo 30 a kan kowace naira 100, wato naira 120,000 a shekara. Ya biya, inshora ta fara aiki 1 ga Afrilu.

Tambaya ta tara a fom ɗin ta ce: shin ka taɓa yin asarar gobara a wannan wuri ko a wani wuri cikin shekaru biyar da suka wuce, ko akwai inshora a lokacin ko babu? An rubuta "A'a". Alhali rumfarsa na cikin waɗanda suka ƙone a gobarar babbar kasuwar Sakkwato ta watan Janairun 2021. Sannan a 2022 janareta ya kama wuta a cikin wannan siton, ya lashe 'yan diloli na kimanin naira 800,000 kafin maƙwabta da 'yan kwana-kwana su kashe. A watan Yuli ne ɗan ƙanwarsa, wanda ke riƙe masa lissafi, ya buɗe fayil yana neman wani rasit, idonsa ya faɗa kan kwafin fom ɗin.

"Kawu, an rubuta ba ka taɓa yin gobara ba."

"Yaron da yac cika takardar bai ce mini haka ba. Cewa ya yi, wanga sito ya taɓa ƙonewa? Nic ce a'a. Ai ga shi nan tsaye."

"To ta janareta fa?"

"Wannan ai ba gobara ba ce, tsautsayi ne. Kuma su ba su gano ba, mi za ya sa in tada zaune tsaye?"

Tambayar Alhaji ba ta wauta ba ce, kuma bai kamata a amsa ta da wa'azi kawai ba. Yana da takarda a hannu, ya biya kuɗinsa, babu wanda ya ce masa uffan. Abin da bai gani ba shi ne takardar da ke hannunsa ta zama irin wadda ɓangare ɗaya ke da ikon warwarewa, kuma wannan ɓangaren ba shi ba ne.

A cinikin yau da kullum mai saye yana da ido. Wanda ya je Kara sayen sa zai buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya taɓa tozo, ya sa a zagaya da shi. Kamfanin inshora kuwa yana sayen abin da ba ya gani: haɗarin da ke tattare da kai da kayanka. Bai san janaretanka a ciki yake kwana ko a waje ba, bai san sau nawa wuta ta taɓa ka ba. Wannan ne dalilin da alƙali Mansfield ya kafa hujja da shi a Ingila a 1766, a shari'ar Carter da Boehm, kan inshorar wani sansani a tsibirin Sumatra da Faransawa suka ƙwace. Ya ce bayanan da ake auna haɗari da su yawanci suna wurin mai neman inshora ne shi kaɗai, don haka wajibi ne ya bayyana su. (Abin dariya, a wannan shari'ar da ta haifar da ƙa'idar, wanda ya ba da inshorar ne ya sha kaye.) Ƙa'idar ta shiga dokar inshorar jiragen ruwa ta Birtaniya ta 1906, daga nan ta shigo tamu ta 1961, kuma kotuna suna aiki da ita a kan sauran nau'o'in inshora.

Ma'aunin da aka kafa shi ne: duk bayanin da zai yi tasiri a kan hukuncin ma'aikacin inshora mai hankali, wajen yanke kuɗin da za a biya ko wajen yarda ya ɗauki haɗarin tun farko, bayani ne mai muhimmanci. Lura da wanda ake auna hankalinsa. Ba ra'ayin Alhaji ake tambaya ba a kan ko wutar janareta ta kai a kira ta gobara. Dokar inshora ta Najeriya ta 2003, wadda ke aiki lokacin da aka cika fom ɗinsa, ta sassauta wa talaka a nan. Sashe na 54 ya ɗora wa kamfani nauyin tsara fom ɗinsa ta yadda zai tambayi duk abin da yake ganin muhimmi ne, abin da bai tambaya ba kuma a ɗauka ba muhimmi ba ne. Sauƙi ne babba, domin ba sai ka zauna kana hasashen abin da ke ran kamfani ba. Amma sauƙin yana da ɗaya gefen. Abin da aka tambaya ɓaro-ɓaro, tambayar da kanta ta zama shaidar cewa kamfani ya damu da shi. Tambaya ta tara tana nan a rubuce.

Alhaji na iya cewa gobarar kasuwa ta 2021 ai duk ƙasa ta ji labarinta, kuma ƙa'ida ta ce ba a buƙatar ka faɗa wa kamfani abin da kowa ya sani. Gaskiya ne, kamfani ya san kasuwar ta ƙone. Abin da bai sani ba shi ne rumfar Alhaji na ciki. Kuma wannan rangwamen na wanda ya yi shiru ne a kan abin da ba a tambaye shi ba, bai shafi wanda aka tambaya ya ba da amsar da ba haka take ba. Duk da haka, da wannan gobarar ce kaɗai, ina ganin da yawan kamfanoni ba za su sauya komai ba, domin wutar da ta cinye kasuwa ba ta nuna komai game da halin ɗan kasuwa ɗaya. Ta 2022 ce mai nauyi, ko da yake ita ce ƙarama. A wannan siton ta tashi, daga na'urar mai siton, kuma tana gaya wa mai auna haɗari cewa a nan ana ajiye janareta da fetur kusa da yadi.

Sai batun yaron da ya riƙe biro. Nan ne mutane suka fi mamaki. Sashen nan na 54 ya wajabta a buga gargaɗi a shafin farko na fom, cewa ejan ɗin inshora da ya taimaka wa mai nema wajen cika fom, a wannan aikin ana ɗaukarsa wakilin mai nema ne. Wato hannunsa hannunka ne. Dokar ta kuma ce abin da ka faɗa wa ejan ana ɗaukarsa kamar ka faɗa wa kamfani, muddin yana aiki cikin hurumin da aka ba shi. Da Alhaji ya ba yaron labarin janareta, yaron ya ƙi rubutawa, da akwai abin kamawa, ko da yake sai an sha wahalar kawo shaida a kan maganar baka da aka yi a bakin shago. Amma bai faɗa ba. An fassara masa tambayar a gurguje, an yanke mata wutsiya, ya amsa abin da ya ji, ya sa hannu a ƙarƙashin layin da ke cewa duk amsoshin nan gaskiya ne kuma su ne ginshiƙin yarjejeniya.

Wannan layin na ƙarshe yana da tarihi mai ɗaci. A 1922 kotun ƙoli ta Birtaniya ta yanke hukunci a shari'ar Dawsons da Bonnin. Wani kamfani ya rubuta a fom cewa motarsa ta kaya tana kwana a adireshinsa na tsakiyar birnin Glasgow, alhali a bayan gari take kwana. Kuskure ne kawai, kuma bai ƙara haɗari ba. Motar ta ƙone, kotu ta ce tunda an mai da amsoshin ginshiƙin yarjejeniya, ba za a biya ba. Sashe na 55 na dokarmu ta 2003 ya rage kaifin irin wannan: saɓa wani sharaɗi ba ya zama kariya ga kamfani sai sharaɗin yana da muhimmanci kuma ya shafi haɗarin ko asarar da aka yi wa inshora. Da adireshin gidansa Alhaji ya rubuta ba daidai ba, wannan sashen zai tsaya masa. Amma tarihin gobara a inshorar gobara, da wuya a samu alƙalin da zai ce bai shafi haɗarin ba. A watan Agustan 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin ta 2003 da wasu tsofaffin dokoki, don haka mai rigima a yau sabuwar ce lauyansa zai buɗe. Tushen maganar dai, wato wajibcin faɗin gaskiya ga wanda ba ya gani, ya girmi dokokin biyu.

Yanzu ga zuciyar al'amarin, wato lokaci. Gyara iri ɗaya, da kalmomi iri ɗaya, yana da daraja daban dangane da ranar da aka yi shi.

Kafin a ƙulla yarjejeniya, gyara haƙƙinka ne tsantsa. Tsohuwar ƙa'idar ta faɗa a sarari cewa ana iya janye bayani ko a gyara shi kafin a kammala ƙulli, kuma ƙulli na kammala ne lokacin da kamfani ya amince da buƙatarka, ko takarda ta fito ko ba ta fito ba. A Najeriya akwai ƙarin sharaɗin cewa babu inshora sai an biya kuɗinta. Da ɗan ƙanwar Alhaji ya ga kuskuren a ƙarshen Maris, da wasiƙa mai layi uku ta wadatar, kuma amsar farko ta zama kamar ba a taɓa rubuta ta ba. A wannan tsakanin ma nauyin ya wuce gyaran kuskure: idan ka cika fom da gaskiya ranar Litinin, wuta ta ɗan taɓa ka ranar Laraba, kamfani bai amince ba sai Juma'a, to amsarka ta Litinin ta tsufa, kuma wajibi ne ka sabunta ta.

Bayan an ƙulla, lamarin ya sauya kama, kuma nan ne Alhaji yake a watan Yuli. Mutane suna zaton idan ka rubuta wa kamfani a wannan lokacin kana cika wajibcin bayyanawa ne a makare. A fahimtata ba haka ba ne. Wajibcin ya riga ya wuce, an kuma riga an saɓa shi ranar 1 ga Afrilu. Wasiƙa ba ta goge wannan. Abin da ya rage a hannun kamfani zaɓi ne: ya warware yarjejeniyar tun daga tushe kamar ba a taɓa yin ta ba, ko ya tabbatar da ita. Kuma wannan zaɓin ba ya ruɓewa muddin kamfani bai san gaskiya ba. Yana nan ajiye, wata uku, wata goma, har ranar da ya sani.

To yaushe kamfani ke sani idan ba a gaya masa ba? Kusan kullum bayan asara. Babu mai zuwa bincike a kan naira 120,000 da aka karɓa. Amma a ce cikin hunturun Disamba wuta ta ci kayan miliyan 30. Kamfani zai turo mai ƙiyasta asara, wanda aikinsa ke nan. Zai nemi rahoton hukumar kashe gobara, kuma a ofishin da suka rubuta wutar yau, a nan suka rubuta ta 2022. Zai zauna da mai gadi da maƙwabta, waɗanda cikin tausayi za su ce, "Allah sarki Alhaji, wannan ta uku ke nan." Zai duba bango ya ga tabon hayaƙi a ƙarƙashin sabon fenti. A ranar, zaɓin da ke hannun kamfani ya zama tsakanin biyan miliyan 30 da mayar da naira 120,000. Ba sai an yi duba ba kafin a san wanda za a ɗauka. Bashin banki kuma yana nan daram, domin inshorar da bankin ya dogara da ita ta rushe tare da ta Alhaji.

Saboda haka amfanin wasiƙar Yuli shi ne ta tilasta wa kamfani ya yi zaɓinsa yau, ranar da sito ke cike kuma babu ko tartsatsi. A yau abin da ke gabansa shi ne ya riƙe abokin ciniki da ɗan ƙarin kuɗi ko ya rasa shi. Idan ya san gaskiya cikakkiya, sannan ya fitar da takardar gyara, ko ya karɓi ƙarin kuɗi, ko ya ci gaba da mu'amala a fili kamar inshorar na nan, to ya tabbatar da yarjejeniyar, kuma ba zai dawo a Disamba ya kafa hujja da amsar da ya riga ya yafe ba. Makamin da yake ajiye da shi ya fita daga hannunsa. A ganina wannan shi ne dalili mafi ƙarfi na yin gyara, kuma dalili ne da ko mai son kansa zalla ya kamata ya gane.

Ɗalibin fikihu zai ga kama a nan. Hadisin dabbar da aka ƙi tatsa don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye ya ba mai sayen zaɓi bayan ya tatsa: ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i na dabino. Cinikin bai ɓaci da kansa ba, zaɓi ne ya koma hannun wanda aka ɓoye wa aibi, kuma malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin cewa wanda ya ga aibi ya nuna ya yarda, zaɓinsa ya faɗi. Ga masu takaful, wato inshorar Musulunci, wadda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar wa ƙa'idojin aiki a 2013, akwai ƙarin nauyi. Asusun da ake biyan diyya daga cikinsa gudummawar mahalarta ce. Wanda ya shiga da rahusar da bai cancanta ba, ba aljihun kamfani ya taɓa ba, na 'yan uwansa mahalarta ne.

Yadda ake gyaran yana da muhimmanci kamar yin sa. Abin da Alhaji ya fara cewa shi ne zai kira yaron a waya ya gaya masa. Wannan bai isa ba. Yaron na iya barin aiki, yana iya mantawa, yana kuma da dalilin yin shiru tunda shi ya yi kuskuren kuma kamashonsa na cikin haɗari. Idan ta hannun dillalin inshora mai zaman kansa aka bi, to shi a ƙa'ida wakilinka ne, faɗa masa ba faɗa wa kamfani ba ne sai ya isar. Kuma kada a taɓa kwafin fom ɗin da ke gida, a soke "A'a" a rubuta "I". Wannan ba gyara ba ne, kuma ranar rigima zai yi kama da jabu.

Wasiƙa ce ake rubutawa zuwa ga kamfanin kansa. Ta Alhaji ba ta cika shafi ɗaya ba. Ta kawo lambar takardar inshora da ranar da aka sa hannu a fom. Ta ce a tambaya ta tara an rubuta kaza, gaskiyar kuwa ita ce kaza: gobarar kasuwa ta Janairun 2021 da kimanin abin da aka rasa, da wutar janareta ta 2022 da sanadinta da kimanin asararta. Ta faɗi yadda kuskuren ya auku cikin jimla biyu, ba tare da zagin kowa ba. Ta ambaci abin da aka sauya tun daga lokacin, cewa an fitar da janareta waje. Ta bayyana cewa zuwa ranar rubutun babu wata asara ko abin da zai jawo neman diyya. Ta rufe da roƙon kamfani ya tabbatar a rubuce cewa inshorar na ci gaba, da sharuɗɗan da zai sa idan akwai.

Na ba su shawara ɗaya kafin a buga ta: a sake karanta fom ɗin tun daga tambaya ta ɗaya. Yafewar kamfani tana tsayawa ne a kan abin da ya sani. Idan ka bayyana gobarar kasuwa ka ɓoye ta janareta, ka samu takardar gyara a kan rabin gaskiya, to ba ka tsira da komai ba, ka ma ƙara wa kanka laifi, domin kuskuren farko na rashin sani ne, na biyu kuwa da ido buɗe aka yi shi. Da suka sake karantawa sai ga tambaya ta goma sha biyu, kan ajiye abubuwa masu saurin kama wuta. Nan ma "A'a" aka rubuta, ga kuwa jarkar fetur mai lita 25 a bayan ƙofa. Aka ƙara ta a wasiƙar, aka kuma fitar da jarkar.

An kai kwafi biyu ofishin kamfanin, aka buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa, aka dawo da shi fayil. An tura ta imel, an ba banki kwafi. Wannan hatimin shi ne dukiyar. Shi zai nuna cewa kamfani ya sani tun ranar kaza, kafin kowace asara. Sai dai shirun kamfani shi kaɗai ba abin jingina ba ne. Lauya na iya kafa hujja da dogon shiru bayan sani, amma wannan hujjar kotu ce, kai kuwa so kake kada a je kotun. Idan mako biyu ya wuce babu amsa, a sake rubutawa. Idan aka ci gaba da yin biris, NAICOM na da sashen karɓar koke.

Ba zan ɓoye cewa gyara na da farashi ba. Kamfani na iya cewa ya gode, babu abin da ya sauya. Yana iya ƙara kuɗi da sharuɗɗa. Yana kuma iya cewa da ya sani da bai shiga ba, ya warware, ya mayar da kuɗin tunda babu zamba. Wannan na ukun yana da ciwo, domin kusan kowane fom na tambaya ko wani kamfani ya taɓa ƙin ka, ko ya soke maka inshora, ko ya sa maka sharuɗɗa na musamman, kuma daga ranar amsarka ta zama "I". Banki ma zai matsa a kawo wata takardar cikin gaggawa. Amma a lura da abin da aka rasa a wannan hali: takardar da dama ba za ta biya ba. Gara a san haka a Yuli, ana da sito da lokacin neman wani kamfani.

Akwai dabarar da na sha ji: a yi shiru har shekara ta ƙare, a wajen sabuntawa sai a ba da amsar gaskiya, ko a koma wani kamfani. Rabin dabarar daidai ne, domin kowace sabuntawa sabuwar yarjejeniya ce, wajibcin bayyanawa na dawowa sabo, kuma amsar gaskiya za ta tsarkake shekara mai zuwa. Amma daga Yuli zuwa ƙarshen Maris wata takwas ne da ɗoriya, kuma duk hunturu na cikinsu, lokacin da iska ta bushe kuma gobarar kasuwanni ta fi yawa. Idan wuta ta tashi a tsakani, fom ɗin neman diyya zai sake tambayar asarorin baya. A nan mutum zai zaɓa tsakanin tona kansa da yin ƙarya da gangan a wajen neman kuɗi, wadda ita zamba ce da ke rushe diyyar gaba ɗaya. Wanda kuma ya bar "A'a" ta wuce a sabuntawa bayan ya san ba haka ba ne, ya tashi daga mai kuskure ya koma mai ganganci, kuma ko kuɗin da ya biya ba lallai a mayar masa ba.

Birtaniya, inda ƙa'idar ta samo asali, ta ga tsananin "ko duka ko babu" ya yi yawa, ta sauya shi da dokokin 2012 da 2015. A can, idan kuskuren ba na ganganci ba ne kuma da kamfani zai karɓa da ƙarin kuɗi, ana biyan diyya ne gwargwado. Da lissafin Alhaji, wanda ya biya 120,000 a inda ya kamata ya biya 160,000, zai samu kashi uku cikin huɗu, wato miliyan 22.5 daga asarar miliyan 30. Na kawo wannan ne don a ga cewa ko a tsarin da ya fi sassauci, amsar da aka bari ba gyara ta ci miliyan 7.5, a kan ƙarin da bai wuce naira 40,000 ba.

Kada a haɗa duk wannan da sauyin da ya zo daga baya. Idan amsarka gaskiya ce ranar da ka ba da ita, sannan a Satumba maƙwabcinka ya buɗe wurin sayar da gas, ba ka yi kuskure a fom ba. Abin da zai yi hukunci a nan shi ne sharuɗɗan takardar inshorar, kuma yawancin takardun gobara suna da sharaɗin sanar da kamfani idan an sauya sana'ar da ake yi a wurin ko wani abu ya ƙara haɗari. Hanyar sanarwar dai ɗaya ce, wasiƙa da hatimi.

A inshorar rai kuwa abin ya fi tsanani ta fuska guda: ranar da za a buɗe fom a tambayi dalilin da ya sa ba a ambaci hawan jini ko ciwon suga ba, wanda ya san yadda aka yi yana kabari. Matarsa da 'ya'yansa ne za su tsaya gaban tambayar da ba su san amsarta ba.

Kamfanin inshorar ya turo mai duba wuri bayan kwana goma. Ya auna nisan janareta daga ƙofa, ya duba wayarin, ya tambayi inda ake ajiye fetur yanzu. Bayan mako uku takardar gyara ta iso. An mai da kuɗin kobo 40 a kan kowace naira 100 tun daga 1 ga Afrilu, wato cikon naira 40,000. An sa sharaɗin tukunyar kashe wuta guda biyu da za a riƙa sabuntawa, da sharaɗin kada fetur ya kwana a cikin sito. An kuma rubuta cewa kamfani ya karɓi bayanin da ke cikin wasiƙar ranar kaza, inshora na ci gaba. Alhaji ya yi ta mita a kan dubu arba'in ɗin har kwana biyu.

"Kawu," in ji ɗan ƙanwarsa, "sharaɗin fetur ɗin nan fa yanzu a rubuce yake. In jarka ta koma bayan ƙofa, wata sabuwar magana ce."

Aka sa wa jarkar wuri a ɗakin mai gadi, aka maƙala takardar gyaran a bayan ta asali, aka kai wa banki kwafi.